Tiya 172 da aka ce sun ɓace: nazarin lissafin wani bankin cimaka a yankin Tawa

A wani ƙauye da ke kusa da garin Tawa akwai ƙungiyar mata da ke tafiyar da bankin cimaka, irin wanda ake sayen hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a kulle shi a mangaza, sannan a buɗe da damina a sayar wa mutanen gari da rangwame sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. A shekarar da nake magana a kanta ƙungiyar ta sayi hatsi, wato gero kamar yadda ake kiransa a wasu wurare, tiya 2,400 a watan Nuwamba. An zuba tiya arba'in arba'in a kowane buhu, aka samu buhu sittin, kuma magatakardar ƙungiyar, yarinya ce da ta yi makaranta, ta rubuta a littafi cewa an shigar da kilo 6,000, domin kowa ya san tiya kilo biyu da rabi ce kuma tiya arba'in su ne buhu mai kilo ɗari. Babu wanda ya ɗora ko buhu ɗaya a kan sikeli.

Da aka shiga watan Yuli aka buɗe mangaza. Bayan mako uku ana saye da sayarwa, kwamiti ya zauna ya ƙirga buhunan da aka zazzage, suka kama talatin da shida. Bisa lissafin littafi ya kamata su ba da tiya 1,440, amma abin da aka rubuta an sayar tiya 1,268 ne kawai, kuma kuɗin da ke hannun ma'aji sun yi daidai da wannan adadi. Saura tiya 172, wato buhu huɗu da tiya goma sha biyu. Makulli ɗaya ne, yana hannun wata dattijuwa wadda ita ce mai tsaron mangaza kuma ita ce ke awo, don haka ba sai an faɗa ba, idanu suka koma kanta. Shugabar ƙungiyar ta dakatar da sayarwa, ta aiko a kira ni, saboda na taɓa aikin bin farashin hatsi a kasuwannin Adar kuma an san ina da ƙaramin sikeli.

Abin da ya ceci binciken shi ne an tsaya da wuri. Buhu ashirin da huɗu suna nan a ɗinke kamar yadda aka shigo da su, kuma su ne shaidar da ta rage ta abin da aka saya a Nuwamba. Da an bari sai da aka sayar da komai, da babu abin da za a iya aunawa sai maganar wannan da ta wancan.

Tambayar farko da na yi ita ce da wace tiya aka saya kuma da wace ake sayarwa. Amsar ta fito a rarrabe. Buhu arba'in an sayo su a kasuwar Badagishiri wurin wani ɗan kasuwa, kuma ma'aunansa ne suka auna da tiyarsu. Sauran ashirin an saye su a nan ƙauye daga hannun manoma, kuma da tiyar ƙungiya aka auna. Sayarwar Yuli kuwa duk da tiyar ƙungiya aka yi ta, wadda tsohuwar kwano ce mai faɗin baki da aka gada tun kafa bankin. Buhunan kasuwa suna da alamar ɗan kasuwar da baƙin tawada, saboda haka ba a sha wahalar rarrabe su ba: cikin waɗanda aka buɗe, talatin na kasuwa ne, shida na ƙauye, cikin waɗanda suka rage, goma na kasuwa ne, goma sha huɗu na ƙauye.

Tiya kwano ce, kuma abin da kwano ke aunawa wuri ne, ba nauyi ba. Kilo biyu da rabi da ake dangantawa da ita adadi ne na tsaka-tsaki wanda ya dace da rahoto da lissafin gaggawa, kuma ba ƙarya ba ne, domin tiyoyi da yawa na hatsi suna faɗawa kusa da shi. Sai dai hatta hukumar SIMA mai tattara farashin kasuwannin Nijar, wadda ke jin farashi da tiya ta fitar da shi da kilo, ba ta dogara da wannan adadi ido rufe ba. Ana auna tiyar kasuwar a sikeli kafin a juya farashin. Nauyin da tiya za ta ɗauka ya rataya ne a kan girman cikin kwanon, da tozon da aka yi masa a sama, da irin ƙwayar da aka zuba da bushewarta, sannan da hannun mai awo. Dole a ware waɗannan ɗaya bayan ɗaya idan ana son sanin inda hatsi ya shiga.

Na fara da sikelin kansa, domin sikelin da ba a gwada ba zai iya zama shi ne maƙaryacin. Ƙaramin nawa mai batir ne, yana ɗaukar kilo biyar. Na ɗora masa kwalin sukari wanda ba a buɗe ba, mai kilo ɗaya, ya nuna kilo ɗaya da ƴan giram na kwalin. Babban sikeli kuwa, wanda ake ɗora buhu, aro muka yi wurin wani mai sayen wake. Muka sa shi a kan daɓen mangaza inda ƙasa take a miƙe, muka auna hatsi kilo huɗu huɗu har sau biyar a ƙaramin, muka haɗa muka ɗora a babban, ya nuna ashirin. Wannan gwaji ba ya cin minti goma, amma na sha ganin an tsallake shi, a yi ta gardama a kan lambar da sikeli mai karkatacciyar ƙafa ya bayar.

Girman cikin kwano da ruwa ake gane shi, saboda lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Na ɗora tiyar ƙungiya babu komai a ciki, na mayar da sikeli sifiri, na yi ta zuba ruwa a hankali har ya kai baki daidai, sai ya nuna kilo 2.80. Ma'ana, cikin kwanon lita 2.80 ne. Bayan an goge ta ta bushe, muka cika ta da hatsi muka shafe bakinta da miƙaƙƙen kara, ba tozo ko kaɗan, ta ba da kilo 2.24. Idan aka raba 2.24 da 2.80 ana samun 0.80, wato kowace lita ta wannan hatsin tana da nauyin giram 800. Wannan lamba ita ce gadar da ke tsakanin lita da kilo, kuma ta wannan hatsin ce a wannan rana. Dawa ko masara ko wake kowanne da tasa, gyaɗa mai ɓawo kuwa ba ta kai ko rabin haka ba, shi ya sa tiyar gyaɗa ba ta taɓa zama kilo biyu da rabi.

A nan ma wata daga cikin matan ta tambaya ko ke nan bidon man gyaɗa mai lita 25 kilo 25 ne, domin haka suke rubutawa idan sun tatsi mai. Ba haka ba ne. Ruwa ne kaɗai lita da kilo suka zo masa ɗaya. Mai ya fi ruwa sauƙi, shi ya sa yake tasowa samansa, kuma litarsa wajen giram 915 ce, don haka lita 25 za su kama kilo 23 ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda ya saya da kilo ya sayar da lita yana da rarar da bai sani ba, wanda ya yi akasin haka kuma yana da giɓi.

Babu mai sayen hatsi da shafaffiyar tiya a kasuwa. Ana cika ta ne a yi ta zubawa har tozo ya tashi ya fara gangarowa, kuma a cikin wannan tozon rigimar take. Na roƙi dattijuwar ta auna mini tiya goma yadda take aunawa kullum. Ta dube ni ta ce, “Ɗana, ni da hannuna aka ce na yi sata, kai kuma ka ce in ƙara aunawa?” Na ce, “Inna, hannun naki nake so in auna, domin shi ne zai wanke ki ko ya kama ki.” Ta durƙusa a kan tabarma ta tsoma kwanon cikin tarin hatsi, ta ɗebo, ta ƙara tafi biyu a sama, ta ɗan jira ƙwayoyin suka daina gangarowa, ta juye. Sau goma ta yi haka, ina auna kowace ɗaya daban. Mafi ƙanƙanta ta zo kilo 2.66, mafi girma 2.74, jimillar goman kuma kilo 27.0, wato matsakaicin tiyarta kilo 2.70. Tozon kaɗai ya ɗauki giram 460, kusan kashi ɗaya cikin shida na duk abin da mai saye ke tafiya da shi.

Dalilin da ya sa ake auna goma ba ɗaya ba shi ne wannan tazara ta giram 80 tsakanin babba da ƙarama. Da na tsaya a ta farko, da ina iya ɗaukar 2.66 ko 2.74 in ninka sau dubu da wani abu, kuskuren ya zama rabin buhu. Na kuma sa magatakarda ta gwada da kwanon nan ɗaya da hatsin nan ɗaya, nata matsakaicin ya tsaya a 2.58, saboda tana tsoron zubewa tana tsayawa da wuri. Wani dattijo da ya yi shekaru yana awo a kasuwar Lahadi ta Tawa ya karɓi kwanon ya nuna mana yadda ake kare baki da tafin hannu da ɗan yatsa sa'ad da ake saye daga manomi, tasa ta kai 2.85. Kwano ɗaya, hannu uku, bambancin sama da giram 250.

Sai tiyar kasuwa. Ranar kasuwa ta gaba na tafi tare da mijin ma'aji, wanda shi ne ya yi sayayyar Nuwamba, muka ɗauki ƙunshin hatsin mangaza muka je wurin ɗan kasuwar. Bai yi gardama ba, ya miƙo kwanon da yaransa ke sayarwa da shi. Ruwa ya nuna lita 2.55. Faɗin bakinsa santimita 20 ne, na ƙungiya kuwa 21. Santimita ɗaya kamar ba komai ba ce, amma tozo yana girma ta faɗi biyu da tsawo a lokaci guda, domin hatsi yana tsayawa ne a gangare ɗaya komai faɗin gindin da ya samu, don haka ƙarin kashi biyar cikin ɗari a faɗin baki yana ƙara wa tozo kusan kashi goma sha shida cikin ɗari. Da yaron ɗan kasuwar ya auna goma da hatsinmu, matsakaicin ya zo kilo 2.43.

Abin da ya fi ɗaure wa kwamiti kai da na kawo wannan lamba shi ne ba ta nuna an cuce su ba. Tiyar ɗan kasuwar ta gaza kilo biyu da rabi da giram 70 ne kawai, tasu kuwa ta zarce shi da giram 200. Idan akwai tiyar da ta kauce daga ta littafi, tasu ce ta fi kaucewa. A ganina ɗan kasuwar ya sayar musu da tiya 1,600 kamar yadda ya ce, kuma dattijuwar ta sayar da tiya 1,268 kamar yadda ta ce. Kalmar tiya ce ba ta nufin abu ɗaya a bakinsu.

Daga nan muka ɗora buhunan da suka rage a babban sikeli ɗaya bayan ɗaya, muna cire giram 150 na buhun da kansa, wanda muka samu ta auna zazzagaggun buhu goma tare. Na kasuwa goma sun faɗa tsakanin kilo 93.5 da 96.5, matsakaicinsu 95.0. Na ƙauye goma sha huɗu sun faɗa tsakanin 102 da 106, matsakaicinsu 104.0. Babu ko ɗaya da ya zo kilo ɗari daidai, alhali littafi ya kira su duka buhu mai kilo ɗari.

Akwai ɗan saura da ya kamata a yi bayaninsa a nan. Tiya arba'in ta kilo 2.43 ya kamata su ba da kilo 97.2, amma buhunan kasuwa 95.0 suka nuna. Tiya arba'in ta 2.70 kuma 108 ce, amma na ƙauye 104.0 suka nuna. Na duba ɗinkin buhunan ban ga inda aka taɓa ba, ban ga gari ko ƙwari a gindinsu ba, ban ga kashin ɓera ba. Abin da ya fi dacewa da wannan ragi shi ne bushewa. Hatsin da aka sussuka da kaka yana shiga buhu da sauran laima a jikinsa, sannan ya ratsa hunturu da zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano. Lissafinsa kuwa shi ne a ninka nauyin farko da abin da ya rage daga ɗari bayan an cire laimar farko, a raba da abin da ya rage daga ɗari bayan an cire laimar ƙarshe. Hatsi kilo 97.2 da ya sauka daga laima kashi 12 cikin ɗari zuwa kashi 10 zai koma 97.2 sau 88 a raba da 90, wato kilo 95.0. Na ƙauye an saye shi ne kwana kaɗan bayan sussuka, bai zauna a hannun ɗan kasuwa ya sha iska ba, don haka ba mamaki ya fi raguwa. Ruwan da ya tashi daga hatsi ba ya barin alama a buhu, sai dai buhun ya ɗan saki jiki, kuma ƙwayar da ta bushe tana ɗan motsewa, ta yadda adadin tiya ma yana raguwa, ba kilo kaɗai ba.

Yanzu lissafin giɓin ya zama mai sauƙi. Buhun kasuwa talatin da aka buɗe, a kan kilo 95.0 kowanne, kilo 2,850 ne. Na ƙauye shida a kan 104.0, kilo 624. Jimilla kilo 3,474, ba 3,600 da littafi ke tsammani ba. Idan aka raba 3,474 da 2.70, wato tiyar da aka yi sayarwa da ita a hannun da ya yi awon, ana samun tiya 1,287. Wannan shi ne iyakar abin da buhu talatin da shidan nan za su iya bayarwa ko da ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba. Cikin tiya 172 da aka ce sun ɓace, 153 ba su taɓa kasancewa ba; an haife su ne a kan takarda ranar da aka ninka 2,400 da biyu da rabi, aka kuma ɗauka cewa buhun da aka cika da arba'in zai mayar da arba'in.

Saura tiya 19, kimanin kilo 51. Waɗannan su ne suka cancanci a tambayi mai tsaron mangaza a kansu, kuma amsarsu tana nan kusa. Kowane mai saye, bayan an gama auna masa, tana ƙara masa gyara, tafi guda, kamar yadda kowace mai awo mai mutunci take yi, kuma kwamiti bai taɓa hana ta ba. Na auna tafinta sau goma ya zo giram 70. Littafin sayarwa ya nuna an yi ciniki sau 420, don haka gyara ta ci kilo 29 da wani abu. Sannan a bayan ƙofa akwai wani ɗan buhu da take tara abin da ta shiƙe daga gindin buhuna, rairayi da tsakuwa da ƙaiƙayi, domin ba ta son ta auna wa mutane ƙasa. Ya nuna kilo 14. Abin da ya rage bai wuce kilo takwas ba, tiya uku ke nan cikin kusan dubu ɗaya da ɗari uku.

Ya kamata in faɗi iyakar wannan lissafi, domin na faɗa wa kwamiti ita a ranar. Na ɗauka ne cewa buhunan da aka riga aka zazzage nauyinsu ɗaya da ƴan'uwansu da suka rage, kuma hujjata ita ce wuri ɗaya aka cika su, rana ɗaya, da kwano ɗaya, kuma waɗanda muka auna ba su yi nisa da juna ba. Na kuma ɗauka cewa hannun dattijuwar a gabana shi ne hannunta na kullum. Ana iya cewa ta cika tozo da gangan don ta wanke kanta, shi ya sa na sa aka karɓo awon da wasu mata biyu suka saya ranar ƙarshe ba su taɓa ba, tiya biyar biyar, suka zo kilo 13.5 da 13.6 har da gyara, wanda ya yi daidai da abin da ta nuna mini. Duk da haka, kuskuren giram 20 kacal a matsakaicin tiya yana motsa sakamakon da tiya goma sama ko ƙasa: a kan 2.72 za a samu 1,277, a kan 2.68 kuma 1,296. Saboda haka wannan hanya tana iya tabbatar da cewa ba a saci buhu huɗu ba, amma ba za ta iya rantsuwa a kan tiya biyar ko shida ba, kuma wanda ya ce zai iya kama irin wannan ƙaramin abu da lissafin tiya yana yaudarar kansa ne.

Asarar gaske tana wani wuri da babu wanda ya duba, wato a farashi. An sayi tiyar kasuwa a kan sefa 550, abin da matan ke kira dala ɗari da goma, buhu ya kama jika ashirin da biyu, kuɗin buhu da mota da dako suka ƙara jika ɗaya, ya zama sefa 23,000. Kwamiti ya sa farashin sayarwa sefa 625, dala ɗari da ashirin da biyar, yana lissafin cewa tiya arba'in za su kawo 25,000, riba jika biyu a kowane buhu. Amma buhu mai kilo 95.0 idan aka auna shi da tiya mai kilo 2.70 tiya 35.2 yake bayarwa, kuma 35.2 sau 625 sefa 22,000 ne. Maimakon ribar jika biyu, kowane buhun kasuwa yana fita da asarar jika ɗaya, kafin a sa gyara da rairayi a lissafi. Idan aka juya shi zuwa kilo abin ya fi fitowa fili: kilon ya tsaya wa ƙungiya a kan sefa 242, tana sayar da shi a kan 231. Buhu talatin da aka riga aka sayar sun tafi da jika talatin daga uwar kuɗi, kuma duk wanda ya ci wannan moriyar mutanen gari ne da suka saya, cikinsu har da waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a kan sata.

Buhunan ƙauye kuwa ba su yi asara ba, domin tiya 38.5 suke bayarwa, wajen sefa 24,000, kuma ba a biya musu mota ba. Sai dai ribar tasu daga aljihun manoman ƙauyen ta fito, waɗanda aka biya su farashin kasuwa ɗaya, sefa 550, alhali ana karɓar hatsinsu da kwanon da ya fi na kasuwa da giram 270. Wannan magana ba ta yi wa mazan da ke zaune a wurin daɗi ba, domin yawancinsu sun sayar a Nuwamba.

Gyaran da za a yi ya jawo muhawara fiye da binciken. Magatakarda ta kawo shawarar a koma sayarwa da shafaffiyar tiya, domin ita ce ba ta da hannu a ciki, kuma ta fuskar lissafi tana da gaskiya: shafaffen awo goma da muka gwada ba su bambanta da fiye da giram 20 ba. Manyan matan suka ƙi, suka ce duk wadda aka auna wa hatsi ba tozo za ta koma gida tana cewa an rage mata, ko nawa aka rage a farashi. Wata ta ce a sayo kwano irin na kasuwa a ci gaba da farashin da aka sa, amma shugaba ta ce sauya kwano a tsakiyar sayarwa zai sa waɗanda ba su saya ba tukuna su ga an zalunce su. Ni na goyi bayan a bar kwanon yadda yake, a bar hannun da aka saba da shi, a gyara lamba kawai, domin tiya da aka san nauyinta ba ta da aibi komai girmanta. Don a mayar da kuɗin buhun kasuwa kawai ana buƙatar sefa 653 a tiya, wato 23,000 a raba da 35.2. Aka tsaya a kan 675, dala ɗari da talatin da biyar, wanda har lokacin yana ƙasa da abin da ake sayarwa a kasuwa da tiyar da ta fi tasu ƙanƙanta.

An kuma shafa wa tiyar ƙungiya jan fenti a gindi don kada a musanya ta, aka rubuta a bangon littafi cewa cikinta lita 2.80 ne kuma a hannun mai tsaron mangaza tana ɗaukar hatsi kilo 2.70. An yarda cewa daga kaka mai zuwa duk inda za a yi saye, za a fara auna tiya goma na mai sayarwa a sikeli a raba da goma, a juya farashinsa zuwa kilo kafin a yi ciniki, a ɗora kowane buhu a sikeli ranar shigarsa a rubuta nauyinsa a jikinsa, sannan a sake auna wasu daga ciki ranar buɗewa kafin a yanke farashi. Littafin zai riƙa ɗaukar adadin tiya da nauyin tiyar da jimillar kilo a jere, maimakon lamba ɗaya da aka ninka da ka.

Kafin a sake buɗe mangaza na rubuta wa shugaba a takarda abin da buhu ashirin da huɗun da suka rage za su bayar, domin a gwada lissafin da abin da bai faru ba tukuna. Goma na kasuwa kilo 950, goma sha huɗu na ƙauye kilo 1,456, jimilla 2,406, a raba da 2.70, tiya 891, a cire ƴan kaɗan na gyara da rairayi. Tsohon lissafi da 960 zai ce. Dattijuwar ta ƙi karɓar makulli sai da shugaba ta faɗi a gaban taron mata, da bakinta, cewa ba a same ta da komai ba, sannan ta sa sharaɗin magatakarda ta riƙa zama kusa da ita tana rubuta kowane awo a lokacin da ake yinsa. Aka ci gaba da sayarwa har tsakiyar Agusta, kuma da aka zazzage buhun ƙarshe littafi ya nuna tiya 880.